RAW ko JPEG: wanne ya dace da mai gyara hoto daga baya?

A bakin tafkin Gidimuni, gabas da Damagaram kan hanyar Gure, hasken tsakar rana kan wahalar da mai ɗaukar hoto. Ruwa na ƙyalli, farar rigar mai lambu na ɗaukar ido, fuskarsa kuwa tana cikin inuwar dabino. In aka daidaita kamara don rigar ta fito, sai fuska ta yi duhu. A irin wannan wuri ne bambancin RAW da JPEG ke bayyana.

JPEG dafaffen abinci ne. Kamara ta riga ta zaɓi launi da haske, ta matse hoton, ta zubar da sauran bayanai. Kowane ɗaya daga cikin launuka uku, ja da kore da shuɗi, matakin haske 256 kawai ke gare shi. RAW kuwa ɗanyen cefane ne, wato abin da kamara ta gani kafin ta sarrafa shi. A yawancin kamarori matakansa kan kai 4096 ko 16384. Canon na kiransa CR2 ko CR3, Nikon kuma NEF.

A ce mai hoton ya koma gida, ya buɗe Lightroom ko darktable, ya ɗaga Shadows don fuskar ta haskaka. A RAW idanu da gemu za su fito, sai ɗan ƙuraje-ƙuraje a wurin da ya fi duhu. A JPEG kuwa fata kan yi dabbare-dabbare, launi ya rabu layi-layi, domin matakan da suka rage a inuwa kaɗan ne, an kuma ja su fiye da kima. Haka ma in ƙurar hunturu ta sa farar riga ta koma ruwan ƙasa: a RAW ana sauya White Balance ba tare da asara ba.

Amma RAW ba ya tayar da matacce. Inda rana ta ƙone ruwan har ya zama fari fat, babu abin cetowa, kuma hoton da hannu ya girgiza haka zai zauna. Ga shi da nauyi: a kamara mai megafiksel 24, RAW ɗaya kan kai mega 25 zuwa 30, kusan ninki uku na JPEG, don haka katin giga 32 zai cika da hoto wajen dubu. Kafin a buga shi ko a tura wa mai biki ta WhatsApp, dole a fitar da shi JPEG.

Mai ɗaukar hoton katin shaida a ɗaki mai daidaitaccen haske, JPEG ya ishe shi. Wanda zai fita bakin tafki da rana tsaka, ko hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, gara ya sa kamara a RAW+JPEG: ya tura ƙaramin nan take, ya ajiye babban don gyara.