Nawa Injin Niƙanka Zai Yi Idan Za Ka Sayar Ko Ka Shigo Da Mai Jari?

Idan mai saye ya tambaye ka farashi, kada ka fara da "ai ni na kashe kaza." Ba abin da ka kashe yake saye ba, ribar da zai riƙa samu ce. Saboda haka ɗauko littafinka na wata 12 cif. Cinikin kaka kaɗai zai ruɗe ka, tunda da damina ta yi nisa hatsi yakan ja baya, niƙa ma ya ragu.

Mu ɗauki misali. A ce injinka yana kawo ₦300,000 a wata, idan an haɗa watanni masu kyau da marasa kyau an raba. Man dizal, kuɗin yaro, haya da gyara sun ci ₦190,000, saura ₦110,000. Nan ne yawancinmu muke tsayawa mu ce riba ke nan. A'a. Kai da kake wuni a wurin, cire ladanka, a ce ₦40,000, domin wanda ya saya dole ya biya wani ya tsaya masa. Ka kuma ware ₦10,000 saboda ranar da injin zai gaji. Ribar gaskiya ₦60,000 ce a wata, wato ₦720,000 a shekara.

Sai tambayar shekara nawa mai saye zai yarda ya jira kuɗinsa su dawo. A ganina, ga ƙaramar sana'a irin wannan, shekara 2 zuwa 3 daidai ne. Idan kana da takardar haya mai tsawo kuma babu wani inji a kusa, nemi na sama. Idan kuwa don fuskarka mutane suke zuwa, sai ka sauko. Mu ɗauki shekara biyu da rabi: ₦1,800,000.

Ka san kuma inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba: kuɗin injin da sauran kaya idan aka kai su kasuwa yau, a cire bashin da ake bin ka. Bashin da kake bin mutane kuwa, wanda ya shekara ba a biya ba kada ma ka ƙirga shi.

Wajen mai zuba jari ne ƙungiyoyi suka fi cutuwa. A ce ya kawo ₦600,000 don a ƙara injin casar shinkafa. Sai wani ya ce ₦600,000 cikin ₦1,800,000 ai kashi ɗaya cikin uku ne. Amma kuɗin cikin sana'ar suka shiga, darajarta ta koma ₦2,400,000, rabonsa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ɗaya cikin uku sai in aljihunku kuɗin za su shiga, wato wani ɓangare kuka sayar masa. Ku tantance wanne ne kafin a sa hannu, a rubuta gaban shaidu, har da yadda za a raba asara da yadda za a ƙiyasta rabonsa ranar da ya ce zai fita.