Layi Biyu Ko Ɗaya: Yadda Ake Gwajin Ciwon Maƙogwaro

Yawancin ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi, kuma da kansa yake warkewa. Amma akwai wanda ƙwayar bakteriya mai suna Streptococcus ta rukunin A ke haddasawa, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. In an yi sakaci da shi, bayan mako biyu ko uku yana iya komawa zazzaɓi mai kama gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya. Ido kaɗai ba ya iya bambance su, shi ya sa ake gwaji.

A ce an kawo yarinya 'yar shekara takwas, jikinta zafi rau, haɗiyar yawu na gagararta, kaluluwa ta fito a wuya, amma ba tari ba majina. Ma'aikaciyar jinya za ta ce, “'Yammata, buɗe baki ki ce aaa.” Sai ta danne harshe da ɗan katako, ta goga tsinke mai auduga a kan tonsil, ƙulluwan naman nan biyu na gefen maƙogwaro, da kuma bangon baya. Yarinyar za ta yi yunƙurin amai, hawaye ma ya zubo. Iyaye, a daure, 'yan daƙiƙu ne. A nan ne aikin ya fi ɓaci, domin in audugar ta tsaya a harshe ko kumatu, yawu kawai aka ɗebo.

Daga nan a juya tsinken cikin ruwan sinadarai kamar minti ɗaya, a tsoma takardar gwaji, a duba bayan minti biyar ko yadda kwalin ya tsara. Layin C shi ne shaidar cewa gwajin ya yi aiki. In bai fito ba, a sake. C da T tare, ko da T ɗin ya fito dishi-dishi, an samu ƙwayar. Sai a ba da penisilin ko amoksisilin na kwana 10, a shanye duka ko da ciwon ya lafa a kwana na uku.

In C ne kaɗai ya fito, to a yi hattara. Gwajin gaggawa yakan rasa kusan ɗaya cikin bakwai na masu ƙwayar, don haka in yaro ne, a kai wani samfurin ɗakin gwaji a shuka shi, a jira awa 24 zuwa 48. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a kemis aka fara sha yana iya ɓoye ta. Ku faɗa wa likita tun kafin a goga.

Wannan gwaji kuma ba ya gano mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023. Yaron da wuyansa ya kumbura, ga wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, a garzaya da shi asibiti ko da layi ɗaya ne ya fito.