Jawabin Buɗe Masallaci: Wa Ake Gode Wa, Kuma Ta Yaya?

A ranar buɗe sabon masallacin Juma'a, hankalin jama'a yakan tafi ga huɗubar liman da isowar wakilin Sarki. Amma jawabin da ya fi wuyar tsarawa shi ne na shugaban kwamitin gini, domin shi zai yi godiya, kuma wanda duk aka tsallake sunansa ba ya mantawa.

Bayan gaisuwar manya, wanda ya ba da fili ya kamata a fara ambata, a kuma faɗa a bainar jama'a cewa filin ya zama wakafi, takardarsa na hannun kwamiti. Jama'ar da suka ji sun zama shaidu idan wata rana magada suka taso. Abin yana da asali: filin Masallacin Annabi (SAW) a Madina na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, kuma sai da aka daidaita kan kuɗinsa a shekarar 622.

Wajen masu taimako ake yin tuntuɓe. Attajirin da ya ɗauki nauyin rufi wataƙila ya roƙi a sakaya sunansa, sai a ce "wani bawan Allah". A nawa ganin, karanto adadin da kowa ya bayar kuskure ne, don yana kunyata tsohuwar da ta aiko da kuɗin buhun siminti guda. Gara a faɗi jimillar abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da bashin da ya rage.

Su kuwa birkila da lebura da kafinta da mai walda, galibi a jimla ɗaya ake sallamarsu. Alhali har yau ana tuna Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. A kira shugaban magina da sunansa ya miƙe a gan shi. Sai dai a biya shi cikon kuɗinsa tukuna, kada godiyar ta zama ba'a.

Maƙwabta su ne suka sha ƙura, aka jibge musu yashi da tsakuwa a ƙofar gida, aka ɗebi ruwan rijiyarsu ana jiƙa bulo. Su gafara ake nema a wurinsu, ba godiya kaɗai ba, kuma wahalar tasu ba ta ƙare ba. Shugaba mai hangen nesa zai gaya musu inda lasifika za ta fuskanta, da ƙarfe nawa za a tare hanya ranar Juma'a, da kwatar da ruwan alwala zai bi. Idan akwai Kiristoci a unguwar, a ambace su su ma, a nuna musu ɗan kwamitin da za su kai wa kuka.