Zanen Da Ba Ya Wahalar Rini

A lissafi, giraf ɗigogi ne da layukan da ke haɗa su. Ana son a rina ɗigogin da launuka mafi ƙaranci, kada maƙwabta su yi launi ɗaya. Aikin yakan gagari kwamfuta, amma ba a giraf mai tsirkiya ba, wanda duk zagayensa mai ɗigo 4 ko fiye yake da layin da ya ratsa shi.

Fulkerson da Gross sun nuna dalilin a 1965. Kullum akwai ɗigon da maƙwabtansa duk suke haɗe da juna. Cire shi, ka nemi wani, har su ƙare. Sai ka rina daga na ƙarshe zuwa na farko. Ɗigon da ya tarar da maƙwabta 2 rinannu, su ukun haɗe suke, don haka launi na uku dole ne.