Gyaran fassarar na'ura tsakanin Sinanci da Turanci: a fara da lissafi

Tun daga shekarar 2016, lokacin da kamfanin Google ya sauya tsarin fassararsa, ya kuma fara da fassara daga Sinanci zuwa Turanci, jimlolin da na'ura ke fitarwa suka daina zama tsambare-tsambaren da aka saba yi wa dariya. Yanzu Turancin sumul yake fita. Sai dai wannan santsin shi ne tarkon, domin kuskuren da a da yake tsaye a fili yanzu ya ɓuya cikin jimla mai daɗin karatu. Shi ya sa ake buƙatar sana'ar masu bin bayan na'ura suna gyara, har hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar mata da ma'auni a 2017, mai lamba ISO 18587. Abin ya shafe mu kai tsaye, tun da 'yan kasuwarmu da ke saro kaya a Guangzhou da Yiwu da wannan fassara suke cinikin yau da kullum a waya.

Sabon shiga yakan fara da gyaran salo, ya cire wannan kalma ya sa waccan don jimla ta yi armashi. Wanda ya daɗe a aikin yakan bar salo sai ƙarshe, ya fara da inda kuɗi ke zubewa. Bari mu ɗauki misalin saƙo irin wanda mai masana'anta zai iya aiko wa mai saye:

数量12万个，单价3元，打八折，定金20%，收到后30天内发货。

Abin dubawa na farko shi ne adadi. Turanci yana tara lissafi dubu-dubu ne: dubu, miliyan, biliyan. Sinanci kuwa dubu goma-goma yake tarawa. Alamar 万, wadda ake karantawa "wan", tana nufin dubu goma, ita kuma 亿, wato "yi", miliyan ɗari. Don haka 12万 da ke cikin saƙon nan guda 120,000 ne. Na'ura ba ta ninka lamba kamar ɗalibin lissafi. Jerin kalmomin da ya fi kama da abin da ta saba gani take zaɓa. A gajeriyar jimla yawanci tana dacewa, amma idan jimla ta yi tsawo, ko aka samu ɗigo a lambar, sifiri ɗaya kan iya ƙaruwa ko ya ɓace, a ga 12,000 ko 1.2 million. Idan Turanci ake mayarwa Sinanci ma haka ne, domin biliyan ɗaya "yi" goma ne. Mai gyara yakan rubuta kowace lamba da cikakkun sifirorinta a gefe, ya ƙirga da hannunsa.

A cikin saƙon akwai 八折, wato "ba zhe", a zahiri "takwas cikin goma". Basine yana faɗin abin da za ka biya ne, yayin da Bature ke faɗin abin da aka rage maka. Ma'anarsa ka biya kashi 80 cikin ɗari, rangwamen kashi 20 ke nan. Kaya 120,000 a kan yuwan 3 kowanne sun kama yuwan 360,000, bayan rangwame a biya 288,000. Idan na'ura ta rubuta 80% off, mai saye zai ɗauka 72,000 kacal zai biya, ya je ya yi wa abokan cinikinsa alkawarin farashin da babu shi. Ma'auni ma yana da irin nasa rami: 斤 rabin kilo ne, 公斤 shi ne cikakken kilo, kuma harafi ɗaya ne ya raba su.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne kuɗin kafin alƙalami. Akwai kalmomi biyu, 定金 da 订金, dukansu "dingjin" ake furta su, kuma na'ura takan mayar da kowacce deposit. A dokar hulɗar jama'a ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, ta farkon kuɗin jingina ce mai hukunci. Idan wanda ya biya ya saɓa yarjejeniya har ciniki ya rushe, kuɗinsa sun tafi. Idan wanda ya karɓa ne ya saɓa, zai mayar ninki biyu. Dokar ta kuma ƙayyade cewa kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin. Ta biyun galibi somin biya ce kawai, wadda ake iya mayarwa idan ciniki bai yiwu ba. A misalinmu ta farkon aka rubuta, don haka yuwan 57,600 ne a kan siraɗi: mai saye ya rasa su idan ya janye, ko mai masana'anta ya biya 115,200 idan shi ya kasa. Kalmar Turancin nan guda ɗaya ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. A nan mai gyara na ƙwarai yakan ƙara 'yan kalmomi ya fayyace wacce ake nufi, ko da jimlar za ta yi nauyi. A ganina jimla mai nauyi ta fi shari'a a kotun wata ƙasa arha.

Sai batun wa ya yi me. Sinanci yana barin mai aiki da abin da aka yi wa aikin idan mahalli ya bayyana su, kuma aikatau ba ya sauya siffa don nuna jiya ko gobe. Ƙarshen saƙon nan cewa kawai ya yi "bayan karɓa, cikin kwana 30 tura kaya". Wa zai karɓa? Me za a karɓa? Duk Basinen da ya karanta ya san mai masana'anta ne zai karɓi kafin alƙalami. Turanci kuwa galibi ba ya barin gurbin nan fanko, sai na'ura ta cike shi da canki-canka. Tana iya rubuta after you receive, ta ɗora wa mai saye abin da ke wuyan mai sayarwa, ranar fara ƙirgen kwana 30 ta sauya. Saboda haka duk wakilin sunan da ya bayyana a Turancin abin tuhuma ne, sai an koma an ga ko yana cikin asali. Haka ma jam'i da tilo, da namiji da mace, domin sunan mutum kaɗai ba ya gaya wa na'ura jinsinsa. Sunaye kuwa a tuna cewa na dangi ne ke zuwa farko, kuma sunan kamfani a rubuta shi yadda kamfanin yake rubuta kansa a takardunsa.

Kuskure mafi wuyar kamawa shi ne wanda ba a gani, wato abin da na'ura ta tsallake. Jimlar Sinanci takan zo da saƙonni biyar ko shida jere da waƙafi, kamar misalinmu mai guda biyar. Idan ɗaya ya faɗi a hanya, Turancin ba zai nuna alamar gurbi ba. Maganinsa a ƙirga gaɓoɓin asali, a nemo kowace a fassara, a kuma bi haruffan korewa irin su 不 da 没 da 未 ɗaya bayan ɗaya. Wasu kan mayar da Turancin cikin na'ura ya koma Sinanci don su gwada, amma wannan ba ya tabbatar da komai, tun da na'urar na iya maimaita kuskurenta ta ɗayan ɓangaren.

Ga hirar gaisuwa da tambayar launin kaya, fassarar waya ta wadatar. Amma takardar da ke ɗauke da adadi, kafin alƙalami da ranar tura kaya, kada ka sa mata hannu sai wanda yake karanta Sinancin da kansa ya ajiye asali da fassara gefe da gefe ya bi su layi-layi.