Jimlar da ba ta motsi: gyaran jadawali bayan an kwaso shi daga takarda

A ofisoshinmu da makarantunmu da ƙungiyoyin ƴan kasuwa, takardun lissafi na shekaru da dama suna komawa cikin kwamfuta. Wani ya ɗauki hoton takarda da waya, wani ya bi da ita ta sikana, wani kuma PDF aka turo masa ya juya shi zuwa Excel. Cikin ɗan lokaci sai ga jadawali ya fito tsaf, layi-layi, har da jimla a ƙasa kamar yadda take a takarda. A nan mutane da yawa suke rufe fayil su ce aiki ya kammala, alhali akwai sauran rina a kaba.

Matsalar tana wurin jimlar nan. Manhajar da ta karanta takardar ba ta san cewa lambar da ke ƙasa an same ta ne ta hanyar tara na sama ba. Tawada ta gani, ta mayar da ita lambobi. Saboda haka abin da ke zaune a gurbin jimla lamba ce busasshiya, wadda ba ta da alaƙa da layukan da ke samanta. Ka canza farashi, ka goge layi, ka ƙara sabon kaya, jimlar tana nan inda take. Tun daga VisiCalc, manhajar jadawali da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, amfanin irin wannan manhaja shi ne idan ka taɓa lamba ɗaya, duk lissafin da ya dogara da ita ya sake kansa. Jadawalin da jimlarsa ba ta yin haka hoton takarda ne kawai.

Gane wannan ba shi da wuya. Danna gurbin jimla, ka dubi dogon layin da ke saman jadawalin inda ake nuna abin da ke cikin gurbi. Idan ka ga rubutu ya fara da alamar `=`, fomula ce, jimlar tana raye. Idan lamba ka gani tsurarta, buga ta aka yi. Jadawali in yana da girma, a Excel akwai `Show Formulas` ƙarƙashin `Formulas`, wanda ke bayyana fomuloli duka a lokaci guda. Duk gurbin jimlar da ya ci gaba da nuna lamba, shi ne abin gyara.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar manoma ce ta buga lissafin kayan da ta saya na damina, farashin kuwa na misali ne kawai. Layin tsaye na A sunan kaya, B yawa, C farashin ɗaya, D kuɗin da aka kashe. A takarda an rubuta taki buhu 40 a kan naira 38,500, ya kama 1,540,000. Yuriya buhu 25 a kan 36,000, ya kama 900,000. Irin masara leda 60 a kan 4,500, ya kama 270,000. Maganin ciyawa lita 30 a kan 5,400, ya kama 162,000. Sai kuɗin mota sawu ɗaya, 85,000. Jimla a ƙasa 2,957,000. Bayan juyawa, kayan sun zauna daga layi na 2 zuwa na 6, jimla kuma a D7.

Abin da hannu zai yi saurin yi shi ne goge 2,957,000 a sa fomula a wurin. Kada ka yi haka tukuna. Wannan lambar ita ce shaida ɗaya tilo da kake da ita a kan ko manhajar ta karanta sauran lambobin daidai, kuma a ganina wannan ne mafi muhimmanci a dukan aikin. Ka kwashe ta zuwa gurbin da ke gefe, wato E7, ka rubuta a samanta cewa jimlar takarda ce. Sannan a D7 ka sa fomular tarawa, a F7 kuma ka sa wadda za ta nuna bambanci:

```
=SUM(D2:D6)
=D7-E7
```

Idan F7 ya nuna 0, alhamdulillahi, lissafin kwamfuta ya yi daidai da na takarda. A misalinmu kuwa D7 ya ba da 2,637,000, wato an samu giɓin 320,000. Da an bar busasshiyar jimlar nan, da babu wanda zai san akwai ɓaraka a cikin layukan, domin ƙasan jadawalin zai ci gaba da nuna lambar da kowa ya sani.

To ina 320,000 ta shiga? Wuri na farko da ake dubawa shi ne lambobin da kwamfuta ta ɗauka a matsayin rubutu. Manhajojin karanta hoto sukan rikita sifili da harafin O, ko lamba 1 da ƙaramin harafin l, musamman idan takardar ta sha kwafi ko tawada ta dushe. Ido ba ya saurin kama wannan, amma `SUM` tsallake irin wannan gurbi yake yi, ba tare da ya yi gargaɗi ba. Akwai alama: in ba a sauya tsari ba, lamba tana jingina ne a gefen dama na gurbi, rubutu kuma a hagu. Hanya mafi tabbas ita ce ƙirga:

```
=COUNT(D2:D6)
```

Wannan fomula lambobi kaɗai take ƙirgawa. Kayanmu biyar ne, sai ta ba da 4. Da aka bi gurabun ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar kuɗin irin masara an karanta shi `27O,000`, da harafi a tsakiya. Aka sake buga 270,000 da hannu, nan take D7 ya koma 2,907,000 da kansa, giɓin ya ragu zuwa 50,000.

Saura 50,000. A nan `COUNT` ba zai taimaka ba, domin duka biyar ɗin yanzu lambobi ne. Ɗaya ce kawai aka karanta ba daidai ba. Sai mu tuna cewa layin D ma ba asali ba ne, kowane gurbi a cikinsa yawa ne aka ninka da farashi, wato shi ma ƙaramar jimla ce da ta bushe. A wani layin tsaye da babu kowa, a sa `=B2*C2-D2` a ja shi ƙasa har layi na 6. Layuka huɗu suka ba da 0, na kuɗin mota ya ba da 50,000. Aka koma takarda: 85,000 ne, amma 8 ɗin ya ɗan goge a gefen hagu, manhajar ta karanta 35,000. Da aka gyara, F7 ya koma 0. Yanzu ne lokacin da za a mayar da layin D gaba ɗaya fomula, `=B2*C2` har ƙasa, ta yadda idan farashin taki ya tashi baɗi, gurbi ɗaya za a taɓa.

Masu lissafi na da suna da wata dabara da har yau take aiki idan mutum ne ya buga lambobin da hannu. Idan giɓin ya rabu da 9 ba saura, a nemi inda aka juya lambobi biyu. Wanda ya buga 126,000 a maimakon 162,000 zai bar giɓin 36,000, kuma 9 ta raba shi. Idan kuwa sabuwar jimla ta ninka ta takarda sau biyu cif, to jadawalin yana da ƙananan jimloli a tsakiya, fomular ta tara kaya ta kuma tara jimlolinsu. Maganin wannan shi ne a yi ƙananan jimlolin da babbar duka da `SUBTOTAL`, misali `=SUBTOTAL(9,D2:D20)`, domin ita ba ta ƙirga ƴan uwanta da ke cikin iyakarta.

Ga ƴan uwanmu na Nijar da sauran inda ake aiki da Faransanci akwai ƙarin abin lura. A takardunsu ana raba dubbai da fili, a sa waƙafi kafin ɓangaren lamba, kamar 1 540 000,50. Kwamfutar da aka saita a tsarin Ingilishi za ta iya ɗaukar wannan duka a matsayin rubutu. Excel na Faransanci kuma `=SOMME(D2:D6)` yake karɓa. A daidaita tsarin lambobin kafin a fara tarawa.

Wani lokacin za ka bincika kowace lamba, ka tabbatar duk sun yi daidai da takarda, amma giɓin ya ƙi tafiya. Idan ɗan ƙarami ne, kuma a saman jadawalin an rubuta cewa lambobin a dubbai ko miliyoyi suke, to yawanci daga taƙaita lambobi ne: an cike kowane layi zuwa lamba mafi kusa, jimla kuma an fitar da ita daga cikakkun lambobi. Shi ya sa ake ganin kaso cikin ɗari ya taru ya ba da 99.9 ko 100.1. Idan kuwa giɓin babba ne, to takardar ce da kanta take da kuskure tun asali. A nan nake jan kunne ƙwarai. Kada ka ƙara ko ka rage wata lamba don lissafi ya zo daidai, kada kuma ka mayar da busasshiyar jimla don a huta. Ka bar fomula a wurinta, ka bar jimlar takarda a gefe, ka rubuta bayanin giɓin, ka kai wa ma'aji ko wanda ya sa hannu a takardar. Dukiyar jama'a amana ce, kuma mai juya takarda ba shi da hurumin yanke hukunci a kan wace lamba ce gaskiya.

Fomula ma tana iya kuskure idan iyakarta ba ta kai ba. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya gano cewa a jadawalin da masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka yi amfani da shi a shahararren bincikensu na 2010 kan bashin ƙasashe, fomular fitar da matsakaici ta bar ƙasashe biyar a waje, domin ba a ja ta har ƙarshen layukan ba. Idan hakan ta faru da manyan malamai, to mu ma sai mu duba. Danna gurbin jimla sau biyu, za ka ga an zagaye gurabun da take tarawa da launi. Ka tabbatar zagayen ya kama layin farko da na ƙarshe. Ka maimaita haka duk lokacin da ka ƙara sabon layi dab da saman jimla, domin a nan ne sabon kaya ya fi zamewa waje.

Kafin ka miƙa aikin, yi gwaji guda: ƙara naira 1,000 a kan farashi ɗaya, ka ga ko kuɗin layin da jimla sun motsa, sannan ka mayar da shi yadda yake. Wajen adanawa kuma ka zaɓi `.xlsx` ko `.ods`. Fayil ɗin `.csv` sakamako kaɗai yake riƙewa, duk fomulolin da ka sha wahalar sawa za su koma busassun lambobi. Ka ajiye hoton takardar asali tare da fayil ɗin, domin wanda zai gaje ka a kujerar zai buƙaci su biyun.