Riba Ɗaya, Ma'auni Biyu: Yadda Ake Lissafin Ribar Kowane Kaya

Yawancin masu shago sun san abin da ya shiga aljihu, amma kaɗan ne suka san ribar da kowane kaya yake kawowa. Takardu biyu ne ke ba da amsa: rasit ɗin sari da littafin ciniki.

A ce ɗan kasuwa ya saro katan 50 na taliya a Kasuwar Singa ta Kano, kowanne naira 15,000. Rasit zai nuna 750,000, amma uwar kuɗin ba ta tsaya nan ba. Ya biya kuɗin mota da na 'yan dako 50,000, jimla ta zama 800,000. Idan aka raba gida 50, kowane katan ya iso shago a kan 16,000. Wanda ya manta da dako zai riƙa ƙirga naira 1,000 a kowane katan a matsayin riba, alhali tuni ta tafi.

Sai a buɗe littafin ciniki. A ce a ƙarshen wata an sayar da katan 40 a kan 20,000, ciniki ya kama 800,000. Wani zai ga abin da ya kashe shi ne ya dawo, ya ce bai ci komai ba. Kuskure ne, domin katan 10 na nan a shago. Uwar kuɗin abin da aka sayar kaɗai ake cirewa, wato 640,000, riba ta tashi 160,000.

Ana auna wannan ribar ta hanya biyu. Idan aka raba ta da uwar kuɗi, 640,000, za a sami kashi 25 cikin 100: wannan shi ne ƙarin da aka ɗora a kan sari. Idan kuwa aka raba ta da ciniki, 800,000, kashi 20 ne: wannan shi ne rabon riba a cikin abin da masu saye suka biya. Muddin akwai riba, na farko yakan fi na biyu.

Haɗa su wuri ɗaya na jawo asara. Mai shagon da ya ce ribarsa kashi 25 ce, ya yi wa dillali ragin kashi 25, zai sayar da katan a kan 15,000, ya taɓa uwar kuɗi da 1,000. Iyakar ragin da zai yi ba tare da faɗuwa ba kashi 20 ne.

Kuma 160,000 ɗin ba ta kai gida ba tukuna, domin daga cikinta za a biya hayar shago, wuta da albashin yaro. Saboda haka a ware wa kowane kaya shafinsa, a kuma sake lissafi duk ranar da sabon rasit ya zo da sabon farashi.